Mai haɗa maka manhaja yana ajiye kuɗinka da ɗigo? To tsayar da shi tun yanzu

Kafin mu fara gardama, yi wannan gwajin a wayarka. Shiga Play Store ka sauke Pydroid 3, manhajar da ke gudanar da yaren Python a kan Android. Buɗe ta, ka rubuta layin nan guda ɗaya, ka danna maɓallin gudanarwa:

```python
print(100.10 + 200.20)
```

Ɗan firamare ma ya san amsar ita ce 300.30. Amma abin da wayarka za ta nuna maka shi ne 300.29999999999995. Ba wayar ce ta lalace ba, kuma ba don ƙarama ba ce. Ka kai lissafin nan kan kwamfutar da ta fi kowace tsada a kasuwa, amsar da za ta ba ka ke nan. Kada ka ce za ka gwada a kalkuletar wayar, ita an gina ta ne ta yadda ba za ka ga wannan ba. Yarukan da ake rubuta manhajoji da su kuwa, irin su Python da JavaScript da Java, haka suke lissafi idan aka ba su lamba mai ɗigo.

Yanzu ka ɗauka waccan lambar kuɗinka ce. Kuɗin da ke cikin walat ɗinka na sayen data, ko bashin da ke rubuce a manhajar shagonka, ko tarin adashen ƙungiyarku. Maganata a nan ɗaya ce, kuma ba zan sassauta ba: duk wanda ya haɗa manhajar da ke riƙe kuɗin mutane, ya ajiye kuɗin a irin lambar nan mai ɗigo da ake kira `float` ko `double`, ya yi aikin ganganci. Kuɗi ana ƙirga shi ne, ba a auna shi. Daidai shi ne a ajiye shi a matsayin cikakkiyar lamba ta kwabo, babu ɗigo ko ɗaya. Naira 300.30 ta zauna a cikin manhaja a matsayin 30030, shi ke nan.

Daga ina kuskuren yake fitowa?

Ɗauki biro ka raba 1 gida 3. Za ka samu 0.3333, kuma ukun nan ba za su ƙare ba ko da takardar ta cika. Dole a wani wuri ka gaji ka tsaya, kuma duk inda ka tsaya, abin da ka rubuta bai kai sulusi na gaskiya ba. Ya yi kusa, amma ba shi ba ne.

To ita kwamfuta ba da goma-goma take ƙirga ba kamar mu, da biyu-biyu take yi, sifili da ɗaya. Gutsuren da za ta iya rubutawa cif su ne waɗanda aka haɗa daga rabi, da rabin rabi, da rabin wannan, haka har ƙasa. Ɗaya bisa goma ba ya cikinsu. A wurinta 0.1 kamar sulusi yake a wurinmu, lamba ce da ba ta ƙarewa: 0.000110011001100 har abada. Ita ma dole ta tsaya a wani wuri. Ƙa'idar da kusan duk kwamfutoci da wayoyi ke bi, wato IEEE 754 da aka kafa a 1985, ta ba `double` gurabe 53 na ainihin lambar. Idan guraben suka cika, sai a ɗauki lamba mafi kusa. Saboda haka idan ka rubuta 0.1, abin da aka ajiye a zahiri shi ne 0.1000000000000000055 da wasu lambobi a bayansa.

Ga abin da ya kamata ya tsaya maka a rai. Daga kwabo 00 zuwa kwabo 99 akwai adadi ɗari. A cikin ɗarin nan, guda huɗu kacal kwamfuta ke iya ajiyewa daidai a bayan ɗigo: .00 da .25 da .50 da .75. Sauran casa'in da shidan duk kusa-kusa ne. Wannan ne ya sa mai haɗa manhaja zai gwada aikinsa da naira 500, da naira 1,000, da naira 250.50, ya ga komai lafiya, ya miƙa maka yana murmushi. Bai taɓa lambobin da ke cizo ba ne kawai.

Walat ɗin da ke cewa ba ka da kuɗi alhali kana da su

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Ka ɗauka manhajar sayar da data da katin waya ce, irin waɗanda matasa ke haɗawa suna sana'a da su. Mai saye ya samu kwamisho sau biyu a walat ɗinsa: na farko naira 100.10, na biyu naira 200.20. Manhajar ta haɗa, ta ajiye 300.29999999999995. Da za ta nuna masa a fuskar waya, sai ta gyara lambar zuwa gurbi biyu bayan ɗigo, ya ga 300.30. Har nan babu wanda ya ga matsala.

Sai ya ce zai cire kuɗinsa duka, ko zai sayi abu na naira 300.30. Manhajar ta yi tambayar da kowace manhajar kuɗi ke yi: abin da ke walat ya kai farashin?

```python
walat = 100.10 + 200.20
print(walat >= 300.30)
```

Amsar ita ce `False`. Wato bai kai ba. Mutum yana kallon 300.30 da idonsa, manhaja tana ce masa kuɗinsa bai isa ba. Zai kira mai manhajar, mai manhajar zai duba ya ga 300.30 shi ma, ya ce ai matsalar sabis ce, a sake gwadawa anjima. Anjimar ma haka za ta kasance, gobe ma haka.

Abin da ya fi ban haushi, gwada 1000.10 + 2000.20 a Pydroid ɗin nan. Wannan zai ba ka 3000.3 lafiya lau. Lambobi iri ɗaya ne a ido, sifili kawai aka ƙara, amma ɗaya ya faɗi ɗaya ya wuce. Cuta ce mai zuwa ta tafi, shi ya sa take daɗewa a manhaja ba a gano ta ba. Mutum goma za su yi ciniki lafiya, na sha ɗaya ya maƙale, a ɗora laifin a kan wayarsa.

Haka abin yake ta ɗaya gefen. Mai bashi ya biya bashinsa kashi-kashi har ya gama, amma ragowar da ke cikin manhaja ba sifili ba ce cif, wani ɗan mitsitsin abu ne mai sifilai goma sha wani abu a gabansa. A fuska an rubuta 0.00, amma sunansa yana nan cikin jerin waɗanda ake bi bashi, saƙon tunatarwa yana ta zuwa masa. Ka san yadda maganar bashi take tsakanin mutane. Zumunci na iya ɓaci a kan lambar da ko kwabo ba ta kai ba.

"Haba, wa ke maganar kwabo yanzu?"

Wannan ita ce amsar farko da za ka ji, kuma da ɗan dariya ake faɗinta. Gaskiya ne, rabon da ka riƙe kwabo a hannu an daɗe, kuma ba ta sayen ko ashana. Amma duba alat ɗin bankinka na ƙarshe. Lambobi biyun nan na bayan ɗigo suna nan daram. Kwabo ta bar aljihu ne, ba ta bar lissafi ba. Duk inda aka ce kashi kaza cikin ɗari, kwabo ta shigo. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun daga Fabrairun 2020. Ragin kashi 2.5 a kan katin naira 150 ya kama naira 3.75. Canjin dala, kuɗin wutar mita, kwamishon POS, duka suna haifar da kwabbai ko kana so ko ba ka so.

Zan yi wa masu wannan magana adalci a wuri ɗaya. Kuskuren `double` a karan kansa ƙarami ne ƙwarai. A misalinmu na sama bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na kwabo ba. Ba wanda zai talauce saboda shi kai tsaye, kuma duk wanda ya ce maka haka ake sace miliyoyi yana zuzutawa ne. Amma ɓarnar ba a girman kuskuren take ba. Tana wurin da manhaja ke yanke hukunci: ya kai ko bai kai ba, ya biya ko bai biya ba, lissafin yau ya yi daidai da na banki ko bai yi ba. A waɗannan wurare babu "ya kusa". Kuma duk wanda ya taɓa zaman daidaita lissafi ya san gibin kwabo ɗaya da gibin naira dubu wahalarsu ɗaya ce, domin ba ka san ko kwabon nan shi kaɗai ba ne, ko kuwa manyan kurakurai biyu ne suka kusa cinye juna. Sai ka bi layi-layi.

"To ai sai in yi `round`"

Amsa ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko haɗari, domin mai faɗinta yana ganin ya san abin da yake yi. Gwada wannan:

```python
print(round(2.675, 2))
print(int(19.99 * 100))
```

Na farko ya kamata ya ba da 2.68 bisa abin da aka koya mana a makaranta. Zai ba ka 2.67. Dalili, abin da aka ajiye tun farko ya ɗan gaza 2.675, don haka aka saukar da shi ƙasa. Kuskuren ya riga ya shiga kafin `round` ya iso. Ana wankin riga ne da ruwan da ya riga ya gurɓace.

Na biyun ya fi muni. Wani ya ji an ce a koma kwabo, sai ya ɗauki 19.99 ya ninka da 100 ya yanke ɗigon. Yana jiran 1999, sai ya samu 1998, domin ninkin ya ba da 1998.9999999999998, shi kuma `int` ba ya duba kusa, sare wutsiyar kawai yake yi. A nan fa ba mitsitsin abu ya ɓace ba, kwabo guda cur ta tafi. Kuma irin wannan sarar kullum ƙasa take yi, ba ta taɓa yin sama, saboda haka asarar taruwa take yi ba ta cinye kanta.

Idan kana ganin sarar wutsiya wasa ce, ga abin da ya faru a kasuwar hannun jari ta Vancouver a ƙasar Kanada. A farkon 1982 suka ƙaddamar da ma'aunin kasuwar a kan maki 1,000. Duk lokacin da aka yi ciniki, kwamfuta na sake lissafa ma'aunin, sai ta sare shi a gurbi na uku bayan ɗigo maimakon ta kai shi lamba mafi kusa. Ana yin haka sau dubbai a rana. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin yana nuna 524.811, kamar kasuwar ta zube da kusan rabi. Da aka sake lissafin yadda ya kamata, sai aka samu 1098.892. Kusan shekara biyu masu zuba jari suna kallon lambar ƙarya, kuma abin da ake sarewa kowane karo bai kai ɗaya bisa dubu na maki ba.

Akwai kuma wanda ya fi duka, ƙaramin `float` mai gurabe 24 kacal, wanda ake samu a Java da kuma ginshiƙin `FLOAT` na MySQL. Shi da zarar kuɗi ya wuce naira 131,072, ba ya iya bambance kowace kwabo da maƙwabciyarta. Ka ba shi 150,000.01 ya ajiye, idan ya dawo maka da ita za ka ga 150,000.02. Idan kuɗin ya wuce 16,777,216, naira ɗaya-ɗaya ma ta fi ƙarfinsa. Ka sa masa miliyan 20, ka ƙara naira 1, zai ce maka miliyan 20. Ka ƙara sau dubu, naira ɗaya-ɗaya, yana nan a miliyan 20. Ka faɗa min, ɗan kasuwar da ke juya kuɗin tirelar hatsi zai yarda da littafin da ke yin haka?

Yadda ake yi da kwabo

Maganin ba wani sabon ilimi ba ne, kuma manyan da ke harkar sun daɗe a kansa. Paystack, da yawancin masu haɗa manhaja a Najeriya ke karɓar kuɗi ta hanyarsa, da kwabo yake karɓar adadi: idan kana son cajin naira 5,000, lambar da za ka tura masa ita ce 500000. Ka tura 5000, naira 50 ka caja. Stripe ma haka yake, da mafi ƙanƙantar rukunin kuɗin yake aiki. Bitcoin kansa, da kake ganinsa da dogon ɗigo a fuska, a cikinsa cikakkun lambobi ne na satoshi, guda 100,000,000 a kowane Bitcoin ɗaya. To idan ƙofar da kuɗin ke shigowa da kwabo take magana, me ya sa cikin gidan zai koma ɗigo?

Ka'idar ita ce, ɗigo ado ne na fuska. Yana bayyana a wuri biyu kawai: lokacin da mutum ya rubuta adadi, da lokacin da za a nuna masa. Tsakanin waɗannan biyun, komai kwabo ne. Kuma wurin shigowar nan ne ake yawan yin tuntuɓe, kamar yadda muka gani da 19.99. Abin da mutum ya rubuta a akwatin manhaja rubutu ne, ba lamba ba tukuna. To kada a mai da shi `float` ko na daƙiƙa ɗaya. A raba rubutun a kan ɗigon, a ɗauki hagu a matsayin naira, dama a matsayin kwabo:

```python
def zuwa_kwabo(rubutu):
    naira, _, kwabo = rubutu.partition(".")
    return int(naira) * 100 + int((kwabo + "00")[:2])

walat = zuwa_kwabo("100.10") + zuwa_kwabo("200.20")
print(walat, walat >= zuwa_kwabo("300.30"))
```

Wannan zai ba ka 30030 da `True`. Mutuminmu na ɗazu ya cire kuɗinsa. 10010 da 20020 sun haɗu sun ba da 30030, yau da gobe da kowace waya, domin tarawa da ɗebewa da ninkawa na cikakkun lambobi ba su da kusa-kusa. Wannan ɗan guntun misali ne na nuna hanya. A manhajar gaske sai an ƙara masa tsaro, ya ƙi karɓar alamar ɗebewa, da waƙafi, da lamba uku bayan ɗigo. Wurin nunawa kuma sai a raba 30030 da 100, a samu 300 da ragowar 30, a jera su da ɗigo a tsakani.

Wani zai ce akwai `Decimal` a Python, da `BigDecimal` a Java, da `DECIMAL` a MySQL da PostgreSQL, su ma ai suna lissafin goma-goma daidai. Haka ne, kuma ba ni da faɗa da wanda ya iya amfani da su. Amma suna da ramuka. Ka rubuta `new BigDecimal(0.1)` ba tare da alamar rubutu ba, ka kwaso dattin nan na 0.1000000000000000055 ka zuba a cikin sabon kwano. Sannan SQLite, ma'ajiyar bayanan da manhajojin Android ke amfani da ita a cikin wayarka, ba ta da ainihin nau'in `DECIMAL`. Za ta karɓi sunan ba musu, amma lamba mai ɗigo a irin `double` ɗin nan za ta ajiye ta. JavaScript ma lambarsa ta yau da kullum `double` ce. Cikakkiyar lamba kuwa duk inda ta bi, daga waya zuwa saba zuwa banki, yadda ta shiga haka za ta fito.

Inda kwabo ba ta isa ita kaɗai ba

Ba zan ce maka komawa kwabo ya kashe duk matsala ba. Rabawa tana nan. Ku bakwai kuka haɗa jari, ribar naira 100,000 ta fito, za a raba daidai. A kwabo 10,000,000 ke nan. Raba gida bakwai ya ba kowa 1,428,571, ragowar kwabo 3. Lamba mai ɗigo za ta ɓoye ukun nan a cikin doguwar wutsiya, ta nuna wa kowa 14,285.71, idan aka tara a ga 99,999.97, a fara kallon ma'aji. Cikakkiyar lamba kuwa za ta ajiye maka kwabo 3 ɗin a kan tebur ta ce ga su, wa za a ba? Sai ku yanke: mutum uku su karɓi 14,285.72, huɗu su karɓi 14,285.71, ko a bar ragowar a asusun ƙungiya. Ko wanne kuka zaɓa, jimilla ta koma 100,000 cif, kuma mutane ne suka yanke, ba haɗarin lissafi ba.

Haraji ma haka. Kaya uku, kowanne naira 10.10, wato kwabo 1010. VAT na kowanne ya kama kwabo 75.75. Idan aka kai kowanne zuwa 76 sannan aka tara, an samu 228. Idan aka fara tara kayan, 3030, sannan aka cire harajin, ya kama 227.25, wato 227. Rasit ɗaya, hanya biyu, bambancin kwabo ɗaya, kuma babu wanda ya yi kuskuren lissafi a ciki. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi hanya ɗaya, a rubuta ta, manhajar waya da ta saba da rasit duk su bi ta. A yi ninkin da farko, rabawa a ƙarshe, gyaran lamba sau ɗaya tak: `(3030 * 75 + 500) // 1000`. Ɗari biyar ɗin da aka ƙara ita ke sa a kai lamba mafi kusa maimakon a sare.

Sai girman akwatin. Cikakkiyar lamba mai gurabe 32, wato `int` na Java ko `INT` na MySQL, iyakarta 2,147,483,647. A kwabo wannan naira 21,474,836.47 ne kawai. Miliyan ashirin da ɗaya da 'yan kai, kuɗin da jimillar cinikin wata na shago mai matsakaicin ƙarfi za ta iya wucewa. A Java idan aka haura iyakar, lambar juyawa take yi ta koma ƙasa da sifili ba tare da ko gargaɗi ba. Don haka `long` ko `BIGINT` ake sawa, masu gurabe 64. A JavaScript cikakkun lambobi suna zama daidai har 9,007,199,254,740,991, wato kusan naira tiriliyan 90 idan kwabo ake ƙirgawa.

Kuma ba kowane kuɗi ake ninkawa da 100 ba. Sidin Ghana yana da pesewa 100, daidai da tsarin naira. Amma sefar da ake kashewa a Nijar da Kamaru da Chadi ba ta da lamba bayan ɗigo a tsarin ISO 4217, yen na Japan ma haka. Dinarin Kuwait kuwa gida 1,000 ake raba shi. Manhajar da ke hidimar 'yan kasuwar Kano da Maraɗi, idan ta ɗauka kowane kuɗi kwabo gare shi, wata rana za ta caji mutum sefa 500,000 a maimakon 5,000. Kowane adadi a ajiye shi tare da sunan kuɗinsa.

Kai da ba ka rubuta manhaja, ya za ka gane?

Alamomin ba sa ɓuya ga wanda ya san su. Idan ka taɓa ganin balas mai doguwar wutsiya, irin 4999.999999999 ko 1250.3000000000002, ka kama su dumu-dumu. Idan ka ga -0.00, ko wata lamba mai harafin E a tsakiya, kamar 5.68E-14, shi ne. Idan "cire duka" ya ƙi aiki amma ka rage naira ɗaya ya wuce, akwai alamar tambaya. Idan kuma jimillar ƙasan rasit ta saɓa da abin da ka tara da hannunka da kwabo ɗaya ko biyu, to ana nuna maka lamba ɗaya ana tara wata.

Masu riƙe lissafi a Excel na waya, ku ma abin ya shafe ku, domin shi ma da `double` yake aiki. Rubuta `=1*(0.5-0.4-0.1)` a wani gurbi, maimakon sifili za ka ga -2.78E-17. Kuma rage yawan lambobin da ke bayyana a gurbi ba ya canza abin da ke ciki. Ka raba 100 gida uku a gurabe uku, kowanne zai nuna 33.33, jimilla ta nuna 100.00, mai duba takarda da kalkuleta ya samu 99.99. Duk gurbin da ya fito daga rabawa ko kashi cikin ɗari, ka naɗe shi da `ROUND`, misali `=ROUND(A2*0.075,2)`, ko ka buɗe ginshiƙin kwabo ka riƙa tarawa a can.

Idan kuwa kai ne ka biya aka haɗa maka manhajar shago ko ta sayar da data, kada ka tambayi mai aikin ko lissafinsa daidai ne, kowa zai ce e. Ce masa ya buɗe ma'ajiyar bayanan a gabanka ya nuna maka ginshiƙin kuɗi. Idan ka ga `FLOAT` ko `DOUBLE` ko `REAL`, aikin bai ƙare ba, kuma kada ka cika masa kuɗin aikinsa tukuna. Sannan ka sa ya zuba 100.10 da 200.20 a walat ɗin gwaji, ya sayi abin 300.30 kana kallo.

Gyaran manhajar da ta riga ta fara aiki yana yiwuwa, amma da tsari. A fara ɗaukar kwafin bayanan gaba ɗaya. A buɗe sabon ginshiƙi na `BIGINT` mai suna da ke faɗin abin da ke ciki, kamar `adadi_kwabo`, don kada wani ya zo gobe ya ɗauka naira ce. A cika shi ta hanyar ninka tsohon adadi da 100 a kai shi lamba mafi kusa, ba sarewa ba, in ba haka ba 19.99 za ta sake zama 1998. A sake lissafa balas ɗin kowane mutum daga tarihin shige da ficensa, a gwada da tsohon balas, a fitar da sunayen duk waɗanda nasu ya saɓa a duba su ɗaya bayan ɗaya. Idan tsohon ginshiƙin ƙaramin `FLOAT` ne kuma adadin ya haura naira 131,072, kwabban da ke ciki ba abin dogaro ba ne, sai an koma kan rasit da bayanan banki an ɗauko na gaskiya.